Gyaɗa ta ƙware yarona, likita ya ce tana huhun dama

Assalamu alaikum Likita. Yarona shekararsa 2 da wata 2. Sati uku da suka wuce yana cin soyayyar gyaɗa yana wasa da yayyensa sai ta ƙware shi, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, can kuma ya lafa. Tun daga ranar tari bai bar shi ba, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, sau biyu muna shanye maganin kemis. An yi hoton ƙirji ba a ga gyaɗa ba, amma likita ya ce iska ba ta shiga ɓangaren dama sosai, wai can irin wannan abu ya fi faɗawa, sai an sa shi barci an zura ƙarfe an duba. Kakarsa ta ce kada a taɓa shi, gyaɗa ce za ta narke. Me ya sa dama? Kuma tunda hoto bai nuna ba, dole ne a yi?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaro lafiya.

Ki yarda a yi aikin, kuma kada ya wuce kwanakin nan. Wannan ce amsar a taƙaice. Sauran bayanin na ba ki ne don ki samu abin da za ki zauna da Hajiya kakarsa da maigida ki faɗa musu, domin na san ba ke kaɗai ke yanke hukunci a kan yaron ba.

Iskar da mutum ya shaƙa tana bin bututu guda ɗaya daga maƙogwaro zuwa cikin ƙirji. A babban mutum tsawonsa santimita 10 zuwa 12 ne, kuma zoben guringuntsi ne ke riƙe da shi a buɗe. Ki ɗora yatsa a ramin wuyanki, ki gangaro kan ƙashin ƙirji kamar faɗin yatsu uku, za ki ji ɗan tudu a kwance. Daidai bayan wannan tudun bututun ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Tsinin da ke tsakanin rassan biyu likitoci suna kiransa karina.

Rassan nan ba tagwaye ba ne. Na dama gajere ne, kamar santimita 2 da rabi, ya fi faɗi, kuma kaucewarsa daga layin bututun uwa kaɗan ce, wajen digiri 25. Na hagu ya ninka shi tsawo, kusan santimita 5, ya fi shi tsuke, kuma ya kwanta gefe da kamar digiri 45. Ki ɗauka titi ne ya zo mararraba: hannu ɗaya ya miƙe kusan ɗoɗar da faɗinsa, ɗayan kuwa kwana ce zuwa ƙaramar hanya. Motar da birkinta ya tsinke, miƙaƙƙen za ta bi.

Dalilin wannan bambanci yana cikin ƙirjin kansa. Zuciya ba a tsakiya sosai take ba, ta karkata hagu ta ci wuri. Saboda haka huhun hagu ya fi ƙanƙanta, sashe biyu gare shi, na dama kuwa sashe uku. Huhun dama shi ke ɗaukar fiye da rabin iskar da ake shaƙa, kusan kashi 55 cikin 100, to bututun da ke ciyar da shi dole ya fi girma. Shi kuma reshen hagu kafin ya isa huhunsa sai ya ratsa ta saman zuciya, ya bi ta ƙarƙashin lanƙwasar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ya gifta ta gaban hanyar abinci. Wannan zagayen ne ya sa ya yi tsawo ya kwanta. Ƙari a kan haka, tsinin karina bai tsaya a tsakiya cif ba, ya ɗan goce hagu, sai bakin reshen dama ya zama shi ne ke fuskantar duk abin da ya faɗo daga sama. Ga faɗi, ga miƙewa, ga iska mai yawa tana ja. Abin da ya kuɓuce ya wuce maƙogwaro, ko gyaɗa ce ko haƙori ko amai, dama ya fi nufa.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata in yi, don kada wata uwar ta karanta ta ce nata yaron a hagu ake jin ƙarar, ke nan ba gyaɗa ba ce. A ƙananan yara bambancin rassan bai kai na manya ba. Kwanar biyu sun fi kusa da juna, sai yaro ya girma ƙirji ya buɗe sannan bambancin yake fitowa sosai. Don haka a yara dama tana kan gaba, amma hagu ma tana samun rabonta da yawa, musamman idan yaron yana kwance ko a karkace lokacin da abin ya faru. Likitan bai dogara da kalmar dama kaɗai ba. Abin da ya fi nauyi a wurinsa shi ne labarin da kika ba shi na ranar farko, sannan abin da kunnensa ya ji a ƙirjin ya zo ya dace da shi. Lafiyayyen yaro ya ƙware yana cin gyaɗa, tari ya biyo baya ya ƙi tafiya, iska ta ragu a ɓangare guda: a wurin masu wannan aiki, gyaɗa tana ciki har sai an duba da ido an ga babu.

Lafawar da ya yi bayan tarin farko ita ce take yaudarar iyaye, har da wasu ma'aikatan lafiya. Lokacin da gyaɗar take maƙogwaro da babban bututu, wurin yana da saurin jin taɓi, shi ya sa tarin ya yi tsanani. Da ta gangara ta samu wuri ta zauna a reshe guda, jijiyoyin wurin sukan saba da ita, tari ya ragu. Huhun hagu kuma yana nan lafiya lau yana aikin biyu. Yaro yana iya wasa, ya ci, ya yi barci da huhu ɗaya da rabi. Sai a ce ai ta fita, ko ta wuce ciki. Wannan shirun yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin mataki na uku ya shigo, wato zazzaɓi da tari mai majina da nimoniya. A wannan matakin kuke yanzu. Maganin kemis yana kwantar da zazzaɓin ne don yana rage ƙwayoyin cutar da suka taru a bayan toshiyar, amma da an gama shi sai su dawo, tunda majinar wurin ba ta da hanyar fita. Nimoniyar da take dawowa wuri guda a huhu guda, ko ƙirji mai kuka kamar usur a ɓangare ɗaya wanda maganin asma bai taɓa shi ba, kullum sai an tambayi uwa ko yaron ya taɓa ƙwarewa.

Batun hoto. Hoton ƙirji yana nuna abin da yake tare hasken na'urar ne, kamar ƙashi da ƙarfe. Kwabo ko allura ko ƙusa za su fito ɓaro-ɓaro. Gyaɗa, wake, masara, aya da roba hasken ratsa su yake yi, ba sa fitowa. Abin da likita ke nema shi ne sawun da gyaɗar ta bari, kuma sawun iri biyu ne. Hanyar iska tana ɗan buɗewa idan an ja numfashi, ta ɗan tsuke idan an sake shi. Idan gyaɗar ba ta cika reshen tam ba, iska za ta silale ta gefenta ta shiga, amma wajen fita bangon ya matse gyaɗar ya rufe hanya. Kowane numfashi yana ƙara iska a huhun dama ba ya ragewa. A hoto sai a ga ɓangaren ya kumbura, ya fi ɗan'uwansa baƙi, ya ƙara tura zuciya zuwa hagu. Idan kuwa ta toshe reshen gaba ɗaya, iskar da ta rage a baya jini zai tsotse ta a hankali, wurin ya motse, ya fito fari a hoto, ya jawo zuciya zuwa dama. Ki roƙi likitan ya ɗaga hoton ya nuna miki wanne ne a ciki, yawancinsu za su yi. Ki kuma sani cewa yara da dama gyaɗa tana ciki amma hotonsu ya fito tas, musamman a kwanakin farko. Hoto mai kyau bai wanke yaron da ya ƙware ba.

Hajiya tana da gaskiya a abu ɗaya: gyaɗar da ta bi hanyar abinci narkewa take yi. Amma ciki ne ke da ruwan narkar da abinci, huhu ba shi da shi. A huhu gyaɗa jiƙa take yi ta kumbura, ta ƙara matse wurin. Sannan manta yana ƙona fatar cikin bututun, soyayya mai gishiri ta fi ɓarna. Fatar ta yi ja, ta kumbura, wani jan nama mai saurin zubar da jini ya fara tsirowa yana rufe gyaɗar. Shi ya sa masu cire irin waɗannan abubuwa suka fi tsoron gyaɗa a kan dutsen ado ko maɓalli, waɗanda kan iya zama ba su tayar da wurin sosai ba. Cire gyaɗar kwana biyu aiki ne mai sauƙi idan aka kwatanta da ta sati uku, ta sati uku kuma ta fi ta wata uku sauƙi nesa ba kusa ba. Idan aka bar ta, ƙarshenta ko ruwan mugunya ya taru a huhun, ko ƙananan bututun da ke bayan toshiyar su saki su buɗe ba za su koma ba, yaro ya tashi da tarin majina na har abada. Akwai waɗanda sai an yanke wannan sashen huhun.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan gaggawa. Gyaɗar ba a ɗaure take ba. Tari mai ƙarfi yana iya tumɓuke ta ya harbo ta sama, ta maƙale a ƙarƙashin maƙogwaro inda hanyar ɗaya ce tak, ko ta koma ta faɗa reshen hagu. Huhun dama ya riga ya kumbura ya cika da majina, idan na hagu ya toshe ba sauran abin da zai riƙe yaron. Don haka kafin ranar aikin kada a riƙe shi ta ƙafa a zazzage, kada a bubbuga masa baya don a kakkaɓo ta, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa man ja ko man shanu ko zuma da sunan za su silalo da ita. Shi mai, hanyar abinci yake bi, wanda ya kauce ya shiga huhu kuwa wata sabuwar nimoniyar ce. A rage masa guje-guje da kuka mai tsanani gwargwadon iko. Idan kika ga numfashinsa ya yi sauri, ramin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa, muryarsa ta dishe ko ta ɗauke, leɓensa ya yi duhu, ko ya yi laushi ya ƙi shan komai, ku tafi sashen gaggawa a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne.

Aikin kansa sunansa bronkoskopi, kuma ba yanka ba ne. Ki fara da wannan idan za ki yi wa Hajiya bayani, domin yawanci abin da ake tsoro ke nan. Ba sabon abu ba ne kuma. A shekarar 1897 wani likita Bajamushe, Gustav Killian, a garin Freiburg, ya zura bututun ƙarfe ta bakin wani manomi ya ciro masa guntun ƙashi, kuma daga reshen dama ya ciro shi. Bayansa Chevalier Jackson na Amurka ya gyara kayan aikin, ya tara abubuwa sama da 2,000 da ya ciro daga maƙogwaro da hanyar iska da ta abincin mutane, suna nan a ajiye a wani gidan tarihi a Philadelphia.

Za a hana shi abinci awa 6 kafin a shiga, nonon uwa awa 4, farin ruwa awa 2, sai dai idan likitan barci ya ba ku wani lissafin. Ki kiyaye wannan sosai, kada tausayi ya sa a ba shi ko cokali ɗaya na kunu a ɓoye, domin yaron da aka sa barci da abinci a ciki yana iya amai ya shaƙe shi, kuma kin riga kin san reshen da aman zai bi. Bayan ya yi barci za a zura siririn bututun ƙarfe mai fitila da madubi ta baki, ya wuce maƙogwaro. Ta cikin bututun ake ba shi iskar oksijin, ta cikinsa kuma ake zura ɗan hantsaki a kamo gyaɗar. Saboda reshen dama miƙaƙƙe ne, bututun yana shiga cikinsa kusan kai tsaye, na hagu kuwa sai an juya kan yaron zuwa dama kafin a samu layi. Miƙewar da ta kai gyaɗar can ita ce kuma take sauƙaƙa isa wurinta. Bayan an cire za a zuƙe majinar da ta taru, a sake leƙa rassan biyu don a tabbatar ba a bar ɓarɓashi ba.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. Gyaɗar da ta jiƙa tana iya farfashewa a bakin hantsaki, sai an bi ta guntu-guntu, wani lokaci ma a dakata a ba da magani kumburi ya sauka a sake shiga bayan kwana biyu ko uku. Jan naman nan yana iya zubar da jini ya rufe gani. Tana iya suɓucewa a maƙogwaro wajen fitowa. Maƙogwaro yana iya kumbura bayan aiki, ya yi tari mai haushi da dishewar murya na kwana ɗaya ko biyu. Da wuya, iska takan ɓalle ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari sai an sa roba an fitar. Saboda waɗannan ne ba a yin aikin a ko'ina. Ki tambayi abu uku kai tsaye: suna da bututun da ya yi daidai da ɗan shekara 2, akwai likitan barci da ya saba da ƙananan yara, kuma akwai inda za a kwantar da shi da oksijin bayan an fito? Idan amsar ɗaya ta yi rauni, ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, sashen kunne da hanci da maƙogwaro ko na tiyatar ƙirji. Ku tafi da hoton da kwalaben magungunan da ya sha. Kuma ko an duba ba a samu komai ba, ba asara aka yi ba, masu aikin sun yarda gara a leƙa a ga babu da a bar guda ɗaya a ciki.

Yawancin yara suna komawa gida cikin kwana ɗaya zuwa uku, da maganin kashe ƙwayoyin cuta idan akwai nimoniya. Tarin ba zai ɗauke rana ɗaya ba, yakan ja sati ɗaya ko biyu yana raguwa. Ku koma ranar da aka ba ku ko da ya warware, a saurari ƙirjin, a sake hoto idan likita ya nema. Tarin da ya ƙi raguwa ko zazzaɓin da ya dawo yana iya nufin akwai guntun da ya ɓuya.

Saura ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta. Ɗan shekara 2 yana da haƙoran gaba masu gutsura, amma turamen ƙarshe masu niƙa ba su gama fitowa ba sai wajen shekara 2 da rabi zuwa 3, kuma ko sun fito bai iya tauna da kyau ba tukuna. Yana gutsurar gyaɗa gida biyu, ya bar ta tana yawo a baki, ya yi dariya ko ya faɗi ya ja numfashi da ƙarfi, shi ke nan. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, haka aya, gugguru, gasasshiyar masara da alewa mai tauri. Ba a hana shi gyaɗa ba: kunun gyaɗa, miyar gyaɗa da dakakken ƙuli-ƙuli duk lafiya lau. Ya ci a zaune, babba yana kallo. A ja kunnen yayye, domin su ne masu sa wa ƙani a baki don so. 'Yanmata kuma su daina riƙe allurar hijabi da leɓe suna gyara ɗauri, ita ma haka take wucewa idan an yi magana ko dariya.

Idan Allah ya ƙaddara wani yaron ya ƙware a gabanki, dubi ko yana iya tari da kuka. In yana iyawa, ki bar shi ya yi tarin, kada ki taɓa shi. In sauti ya ɗauke, ba tari ba kuka, ki sa a nemo abin hawa, ke kuma ki fara: jaririn da bai kai shekara 1 ba ki kifa shi a kan hannunki kansa ƙasa-ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5, ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙashin ƙirji da yatsu biyu sau 5. Wanda ya wuce shekara 1 ki sunkuyar da shi ki buga bayan sau 5, sannan ki zagayo da hannuwanki ta bayansa, ki ɗora dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, ki ja ciki da sama sau 5, ki yi ta maimaitawa har abin ya fito. Idan tarin ya lafa amma ba wanda ya ga abin ya fito da idonsa, a kai shi asibiti a ranar, kuma kalmar farko da za a faɗa wa likita ita ce ya ƙware, da abin da yake ci, da lokacin.